Yadda baduku zai tsayar da farashin takalminsa a gaban takalmin waje mai araha

Duk wanda ya zaga Kasuwar Dole ya ga tulin takalman da ake shigowa da su daga waje, galibi ƴan Caina, masu ƙyalli kamar fata alhali roba ce aka shafe. Badukun Damagaram da ya zauna kusa da wannan tuli, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya rage kuɗi. Kafin ya rage, ya ɗauki biro ya yi lissafi.

Mu ɗauki misali. Takalmin maza mai buɗaɗɗen baya, hagu da dama: fata sefa 1.800, tafi 900, zare da gam 300, ladan hannu 1.200. Ya tashi 4.200, ana sayar da shi jaka shida. Na waje kuwa jaka biyu ne. Idan baduku ya sauko zuwa 4.500, ribarsa ta koma 300, kuma har yanzu ya fi ninkin na waje tsada. Mai neman araha bai zo ba, mai neman na ƙwarai kuma ya fara zargin an rage wani abu. To tunda ba a cin wannan kokawa ta farashi, sai a nemo alkawari guda ɗaya da mai tulin can ba zai iya ɗauka ba.

Mataki na farko, je wurin masu gyaran takalmi na bakin titi, ka roƙe su su nuna maka na waje da ake kawo musu. Duba guda ashirin, ka rubuta inda kowanne ya mutu. Za ka tarar cutar ba ta da yawa: ko tafi ya rabu da sama saboda gam kaɗai ya riƙe shi, ko hanci ya tsinke, ko fuskar ta ɓare kamar ɓawon albasa. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana sassauta gam, rairayi kuma ya shiga tsagin ya ƙarasa aikin. Tambayi mai gyaran wata nawa takalmin yake yi kafin ya iso hannunsa. Amsarsa ita ce jarinka, domin daga bakin wanda ba ya sayar da naka ta fito.

Sannan ka zaɓi wanda wannan cuta ta fi ci wa rai. Saurayin da ke son sabon yayi don Sallah kawai, takalmin wata uku ya ishe shi, ka bar wa mai tuli shi da zuciya ɗaya. Naka shi ne wanda ƙafarsa ce abin neman abincinsa: malamin lakwal da ke takawa safe da yamma, ɗan kabu-kabu da ke dafa ƙasa da ƙafa a kowace tsayawa, mai talla da ke yawo daga Birni zuwa Zango. Zaɓi rukuni ɗaya, ko biyu masu damuwa iri ɗaya.

Yanzu sai jimlar alkawari, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. «Fata ta asali, aikin hannu, kayan gida» gaskiya ne, amma kowane baduku a layin haka yake faɗa, kuma ba ya gaya wa mai saye abin da zai samu. Kishin gida yana sa mutum ya yaba, ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce ya sayi na jaka biyu. Jimlar da ke aiki tana ɗauke da abu uku: wanda aka yi wa takalmin, cutar da aka magance, da abin da za ka yi idan maganarka ba ta tabbata ba. Misali: «Takalmin mai tafiya, tafinsa ɗinki ne, idan ya buɗe kafin shekara kawo a gyara kyauta.» Gwada ta haka: mai tulin zai iya faɗar ta ba tare da ƙarya ba? Ba zai iya ba, don shi ba ya ɗinki, masana'antar kuma tana wata nahiya. Idan zai iya, jimlarka ba ta yi kaifi ba tukuna, sake ta.

Kada ka ƙara mata wutsiya. Da ka ce kuma yana da kyau, kuma yana da taushi, kuma ya dace da biki, mai saye ba zai tafi gida da ko ɗaya ba.

Alkawari kuma kuɗi ne, sai an sa shi a lissafi kafin a furta. A ce cikin takalma biyar ɗaya zai dawo, gyaransa kuma sefa 500 ne. Ke nan kowane takalmi ya ɗauki sefa 100 na gyara, ribar ta sauka daga 1.800 zuwa 1.700. Wannan abin ɗauka ne. Amma idan biyu ko uku cikin biyar ke dawowa, matsalar tana cikin aikin, sai a dakatar da alkawarin a binciki zare da tazarar ɗinki da kuma jimar. Fatar da ba ta sha bagaruwa yadda ya kamata ba tana tsagewa a bakin hudar basilla, komai kyan zaren. Dole kuma a shata iyaka tun ranar ciniki: garantin na ɗinki ne, bai shafi takalmin da aka tsoma a ruwan damina aka shanya a rana ya ƙandare ba. A nan roba ta fi fata, kuma gara mai saye ya ji daga bakinka.

A wurin ciniki, hannu ya fi baki shawo kan mutum. Ajiye mataccen takalmin waje guda kusa da naka, wanda tafinsa ya rabu. Miƙa masa naka, ka ce: «Malam, juya ka ga ɗinkin, ja hancin da ƙarfinka.» Idan ya ce ya yi tsada, mayar masa da farashin zuwa wata. Na jaka biyu da ke yin wata uku, sau huɗu zai saya a shekara, jaka takwas ke nan. Naka jaka shida ne, shekarar kuma tana wuyanka. Yi amfani da adadin watannin da mai gyara ya faɗa maka, kada ka ƙara gishiri. Mutumin ya san takalminsa fiye da kai, ƙari kaɗan zai rushe sauran maganar.

Akwai wanda zai yarda da lissafin sarai, amma jaka biyu ce kawai a aljihunsa yau. Wannan ba ragi yake bukata ba. Auna ƙafarsa, ya ba da rabi, ya cika ranar karɓa. Ga ma'aikaci, sa ranar ta faɗo ƙarshen wata. Farashin yana nan jaka shida.

Buga hatimi a cikin kowane takalmi, da sunan rumfarka da watan sayarwa, ka rubuta lambar salular mai saye a kaye. In ba haka ba, za a kawo maka aikin wani a ce naka ne, ko na bara a ce na bana.

Daga nan ba jimlar makonni huɗu ba tare da ka taɓa ta ba, kana ƙirga mutum nawa suka tsaya, nawa suka saya. Saurari kuma abin da sabon mai saye ke cewa idan ya iso. In ya ce «an ce nan ne ake gyara kyauta in ya buɗe», maganar ta fara yawo da ƙafarta. In kuwa har yanzu tambayar farko ita ce «nawa za ka rage», ko dai rukunin da ka zaɓa ba su ke bi ta gaban rumfarka ba, ko cutar da ka ɗauka ba ita ta fi damun su ba. Koma wurin masu gyara da kayenka, wannan karon ka tsaya har mai takalmin ya zo karɓa, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi haushi.