Wane suna za ka rubuta a fom? Tambayi fasfonka

A gida sunan mutum na tafiya ne da sunan mahaifinsa. Sani ɗan Musa shi ne Sani Musa, in ya haifi Amina kuma ta zama Amina Sani. Wani ma sunan garinsu yake ɗauka, kamar Malam Aminu Kano da Shehu Shagari. A Turai da Amurka kuwa, gurbin da aka rubuta wa Surname ko Family name sunan zuri'a yake nema, wanda ake gada daga kaka zuwa jika ba ya sauyawa. Yawancinmu ba mu da irinsa, shi ya sa mutum kan cike gurbin yau da sunan uba, gobe da na kaka, har kwamfuta ta ɗauke shi mutum biyu.

Maganin abin na cikin fasfonka. Buɗe shafin hotonka, ka dubi layuka biyu na can ƙasa, kowanne mai gurbi 44. A ce sunan yankanka Sani, mahaifinka Musa, kakanka Ibrahim, layin farko kuma ya fara haka:

```
P<NGAIBRAHIM<<SANI<MUSA<<<
```

Abin da ya biyo bayan NGA, alamar Najeriya, har zuwa alamar << shi ne Surname ɗinka, wato Ibrahim. Sani da Musa duka suna shiga Given names. Ko da duk unguwarku Sani Musa suka san ka da shi, a banki da asibiti da tikitin jirgi kai Ibrahim ne. In aka kira Mista Ibrahim a asibiti, kada ka tsaya waige-waige, da kai ake. Haruffan ma kwafe su za ka yi yadda suke: in Mohammed aka buga, kada ka gyara shi zuwa Muhammad don ya fi maka daidai.

Father's name gurbi ne daban, za ka gan shi a fom ɗin bizar Indiya, misali. Nan cikakken sunan mahaifinka ake so.

Laƙabi da inkiya irin su Ɗanjuma, ko Shehu da ake kiran Usman da shi don girmamawa, da Alhaji da Hajiya, ba su da gurbi sai dai in suna cikin fasfo. Amma in takardar shaidar karatunka ta fito da Shehu, fasfo kuma da Usman, ka bayyana shi inda aka tambayi wasu sunayen da ka taɓa amfani da su, ka kuma haɗa da takardar rantsuwa ta kotu.

Masu iyali su fi kowa lura. In fasfon Amina ya fito da Sani, naka da Ibrahim, na mahaifiyarta kuma da sunan nata uban, jami'in shige da fice na iya neman hujjar cewa 'yarku ce. Ku riƙe takardar haihuwarta mai ɗauke da sunayenku a jakar hannu, kada ta shiga cikin kayan awo.