Kafin ka zana y = x² − 4x − 5

'Yan uwa masu shirin jarrabawa, kada ku fara da cika tebur da lambobi barkatai. Ku nemi inda layin ya juya tukuna: x = −b/2a, inda a ita ce lambar da ke tare da x², b kuma wadda ke tare da x. Hakan ya ba da 4/2 = 2. A nan wasu ke zamewa, su manta cewa b ɗin −4 ne, su samu −2. Ku sa 2 a lissafin, y ya fito −9. Zanen kamar ƙwarya yake, gindin ƙwaryar ke nan, (2, −9), bakinta sama tunda a ba ta da alamar ragi.

Sai inda ya ratsa layin x: (x − 5)(x + 1) = 0, wato 5 da −1. Tsakiyarsu 2 ce. In bai yi daidai da x ɗin gindin ba, akwai kuskure. Layin y kuwa a (0, −5), takwaransa (4, −5).

Ku haɗa ɗigogin da hannu, ban da rula, gindin ya lanƙwasa, kada ya yi tsini.