Yadda ake rabuwa da wasiƙun talla a Gmail ba tare da an tona wa 'yan damfara adireshi ba

Da farko, kashe buɗe hotuna. A kwamfuta shiga Settings, ka danna See all settings, a sashen General nemi Images, ka zaɓi "Ask before displaying external images", sannan ka danna Save Changes a ƙasan shafin. Masu turo tarkacen saƙo kan ɓoye ɗan hoto mitsitsi a cikin wasiƙa, da ya buɗe sun san akwai mai karantawa.

Sannan rubuta wannan a wurin bincike:

```
unsubscribe
```

Wasiƙun talla za su jeru. Nan ne aikin yake, sai ka tantance su a natse. Wanda ka tuna kai ka ba shi adireshinka, misali kantin da ka taɓa sayen takalmi, duba abin da ke bayan alamar @ ka ga ko ya dace da sunan kantin. In ya dace, danna Unsubscribe na Gmail da ke sama kusa da sunan mai aikowa.

Wanda ba ka sani ba kuwa, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikin wasiƙarsa, kada ka mayar da amsa, ko ta zagi ce. Dannawar ita yake jira don ya tabbatar adireshin na aiki. Ko maɓallin Unsubscribe na Gmail ɗin ma yana sanar da mai aikowa, don haka bar shi. Yi wa irin waɗannan alama gaba ɗaya daga jerin, ka danna Report spam. Gmail zai goge su da kansa bayan kwana 30.