Babi na Shida: Sikeli Bai San Tsoka da Kitse Ba, Sai Mu Koma ga Igiya

Darasi na Farko: Lambar da ake rubutawa a katin asibiti

Idan ka je asibiti, kafin ka ga likita akan ce ka cire takalmi ka hau sikeli, sannan ka jingina da bango a auna tsawonka. Daga waɗannan awo biyu ake fitar da wata lamba da za ka gani a katinka bayan haruffa uku: BMI. Ku duba haruffan da kyau, ku rubuta su sau uku a littafinku domin ku gane su idan kun gan su.

Ga yadda ake samun lambar:

BMI = nauyi ÷ (tsawo × tsawo)

Nauyi da kilo ake auna shi, tsawo kuma da mita. Alamar × tana nufin "sau", alamar ÷ kuma tana nufin "a raba". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi, daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ya yi daidai da tsawo. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Ɗigon da ke tsakiyar lamba ba datti ba ne a takarda. Idan ka ga 18.5, karanta shi "sha takwas da rabi".

Bari mu yi lissafin da mutum biyu masu tsawo ɗaya, mita 1.70, wato santimita 170.

Na farko ɗan dako ne a kasuwar hatsi. Tun safe yake sauke buhunan masara daga mota, kafaɗunsa a buɗe, damatsansa a murɗe, cikinsa kuwa a shafe. Ya hau sikeli, kilo 84. Sai mu ce 1.70 × 1.70, ya ba mu 2.89. Mu raba 84 da 2.89, mun sami 29. A katinsa za a rubuta cewa nauyinsa ya yi yawa, saura ƙiris ya shiga sahun masu ƙiba.

Na biyu mai shago ne, yana wuni a zaune a kan benci, ga shayi mai suga safe da yamma, ga lemon kwalba da rana. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne, amma ga tumbi ya turo riga. Ya hau sikeli, kilo 68. Mu raba 68 da 2.89, mun sami 23.5. A katinsa babu abin da za a yi masa magana a kai.

To, ku da kuke ganin mutanen nan biyu da idanunku, wa ya fi kusa da hawan jini da ciwon suga? Duk ajin da na yi wa wannan tambaya, mai shagon suke nunawa, kuma sun yi gaskiya. Sikeli nauyi kawai ya sani. Ƙashi, tsoka, ruwa da kitse duk haɗa su yake yi ya ba ka lamba ɗaya. Tsoka kuwa a cure take, ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, shi ya sa maƙeri, ɗan dambe, ɗan kokawa da mai faskare sukan fito da lamba mai yawa alhali babu kitsen kirki a jikinsu. Wanda ya fara wannan lissafi, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam a shekarun 1830, kuma jama'a da yawa yake kwatantawa a dunƙule, ba jikin mutum ɗaya yake dubawa ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce BMI ƙarya ce. Ga yawancin mutane lambar tana da amfani. Kuma kada mai teɓa ya buga ƙirji ya ce tasa duk tsoka ce. Akwai ɗan damben da ya bar fage shekara goma, ƙwanjin yana nan amma tumbi ya biyo baya. Darasi na biyu ne zai raba gardama.

Darasi na Biyu: Awon ƙugu

Kitsen da ya fi cutarwa shi ne wanda ya taru a cikin ciki, ya kewaye hanta da hanji. Shi ne ke tafiya tare da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Aikin ƙarfi yana ƙara girman kafaɗa da cinya, amma ba ya faɗaɗa ciki sosai. Saboda haka awon ciki yana nuna mana abin da sikeli ya ɓoye.

Ba ka buƙatar iya lissafi. Ka nemi igiya siririya wadda ba ta miƙewa idan an ja ta. Roba ba za ta yi ba.

Da farko ka cire takalmi da hula ko ɗankwali mai tudu, ka tsaya a miƙe a jikin bango. Wani ya auna tsawonka da igiyar daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ya yanke ta a nan. Sai ka ninka igiyar gida biyu, baki da baki. Wannan ninkakkiyar igiya ita ce rabin tsawonka. Yanzu za ka zagaya ta a cikinka. Idan bakunan sun haɗu, har da ɗan saura, lafiya lau. Idan sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ke nan: awon ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka.

Amma a ina za a zagaya igiyar? A nan kusan kowa ke kuskure, don haka ku ajiye alƙalami ku saurara.

Ba inda kake ɗaure wando ba ne. Mu mun saba idan an ce ƙugu sai hannu ya tafi wurin mazagi ko bel, mata kuma wurin ɗaurin zani. Mai tumbi kuwa a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure wandonsa, to idan ya auna nan, ya auna wurin da kitsen bai kai ba.

Ga yadda za ka sami wurin. Ɗaga rigarka. Sa yatsa a gefen jikinka, ka shafa ƙasa-ƙasa har ka ji haƙarƙarin ƙarshe, inda ƙashi ya ƙare, nama mai laushi ya fara. Bar yatsan a nan. Da ɗaya hannun, a wannan gefen dai, ka lalubo saman ƙashin ƙugu, wato ƙashin da kake dafawa idan ka riƙe ƙugu. Tsakanin yatsun nan biyu akwai ɗan fili mai laushi. Tsakiyar wannan fili ita ce wurin awo. Ga yawancin mutane yakan faɗo kaɗan sama da cibiya.

Mu sake. Haƙarƙarin ƙarshe, yatsa ɗaya. Saman ƙashin ƙugu, yatsa na biyu. Tsakiyarsu, igiya. Idan ba ka ji ƙashin ba a karon farko, kada ka ji kunya, danna da ɗan ƙarfi, yana nan. Mutane da yawa sai a gwaji na uku suke samu, kuma da zarar hannu ya gane wurin ba ya mantawa.

Na taɓa ganin wani dattijo a aji ya bi duk matakan nan daidai, ya sami haƙarƙari, ya sami ƙashin ƙugu, amma da ya ɗauki igiya sai hannunsa ya zame da kansa zuwa wurin mazagi. Ya ce, "Malam, ta haɗu har da saura." Na ce, "Baba, a ɗan ɗaga ta sama, inda yatsanku yake ɗazu." Da ya ɗaga, sai ga tazarar yatsu huɗu tsakanin bakunan igiyar. Ya yi shiru yana kallonta, sannan ya ce a sake auna masa tsawon.

Saboda haka, kafin ka duba ko igiya ta haɗu, duba inda take tukuna. Tana sama da wando? Tana tsakanin ƙasusuwan nan biyu? Kuma ta tafi a miƙe, ba ta hau sama ta baya ta sauko ta gaba ba? Sa wani ya duba maka bayan. Mata ku auna wa juna a cikin ɗaki.

Sai maganar numfashi. Tsaya a sake, ƙafafu kusa da juna. Ja numfashi yadda ka saba, ka sauke shi, sannan a auna. Kada ka shanye ciki. Na gaji da faɗin wannan: ana kawo igiya sai ka ga babban mutum ya haɗiye tumbinsa ya ƙame kamar soja a fareti. Wa kake ruɗa? Ba ni zan sha maganin hawan jinin ba. Haka kuma kada ka ja igiyar har ta nutse cikin nama. Ta kwanta a kan fata kawai, ko a kan riga mai shara-shara ɗaya, ba a kan babbar riga ba. An fi son awon safe kafin a karya, ba bayan an cika ciki da tuwo ba.

Mu koma ga mutanenmu biyu. Tsawonsu santimita 170, rabinsa 85. Ɗan dakon nan da kati ya ce nauyinsa ya yi yawa, ƙugunsa santimita 80, bai kai 85 ba, igiyarsa ta haɗu. Mai shagon da kati ya wanke, ƙugunsa 94, ya wuce da santimita 9. Shi ne ya kamata ya je a duba jininsa da sugansa. Da a ce a wurin mazagi ya auna, ƙarƙashin tumbi, da wataƙila ya sami 84 ya koma benci hankali kwance. Kun ga dalilin da ya sa nake ta nanata haƙarƙari da ƙashin ƙugu.

Darasi na Uku: Tef ɗin tela

Mai son lamba ya ari tef a wurin tela. Fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta suka yi tazara inci ce, wadda lambobinta suka matsu kuma santimita ce. Da fuskar da ka auna tsawo, da ita za ka auna ƙugu. Kada ka haɗa.

A asibiti za ka iya jin wasu lambobi na daban. Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya fara, daga 102 ya yi tsanani. Ga mace, 80 da 88. Wurin awon dai bai canja ba, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Lambar wandonka ba awon ƙugunka ba ce.

Darasi na Huɗu: Waɗanda wannan awo bai shafa ba

Mace mai juna biyu da mai jego su bar shi tukuna. Wannan babi na manya ne, a bar awon yara ga ma'aikatan lafiya. Wanda cikinsa ya kumbura cikin ɗan lokaci, musamman idan ƙafafu ma sun kumbura ko idanu sun yi rawaya, wannan yana iya zama ruwa ne ba kitse ba. Ya tafi asibiti yau, ya ajiye igiya.

Igiyar da ta haɗu kuma ba ta hana a duba hawan jini.

Aikin Gida

Kowa ya auna kansa sau biyu a safiya ɗaya, ya rubuta kwanan wata da ko igiya ta haɗu. Ku zo da igiyoyinku mako mai zuwa, kowa zai nuna mini da yatsa inda ya ɗora tasa.