Yadda Mai Duba Rubutu Zai Kama Saɓani a Takarda Ya Mayar wa Mai Ita, Ba Tare da Ya Gyara da Kansa Ba

Kurakuran da mai duba rubutu yake cin karo da su iri biyu ne. Akwai wanda amsarsa tana cikin ƙa'idar rubutu, kamar a rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", ko a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko a manta da aya a ƙarshen jimla. Wannan gyara shi ake yi nan take. Akwai kuma wanda amsarsa tana wajen mai takardar kaɗai, wato inda wurare biyu suka faɗi abu biyu mabambanta, kuma babu yadda za a yi mai dubawa ya san na gaskiya daga kan teburinsa. Wannan na biyun tambaya ake yi a kansa, domin saɓanin da yake a fili yana iya jawo hankalin wani ya bincika, amma idan aka daidaita shi da zato, takarda za ta fita sumul da kuskure a cikinta, kuma ba wanda zai ƙara tsayawa a kansa.

Mu ɗauki misalin wasiƙar da sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya rubuta domin gayyatar mambobi babban taron shekara. Wasiƙar shafi ɗaya ce, an haɗo ta da ajandar taro da taƙaitaccen bayanin kuɗi, an miƙa wa mai dubawa kafin a kai maɗaba'a.

Mataki na farko shi ne ka raba karatun gida biyu. A karatun farko ka bi harafi da ƙa'ida kamar yadda aka saba. A na biyu ka ajiye batun harafi gaba ɗaya, ka ɗauki farar takarda, ka riƙa kwafe duk abin da yake iya maimaituwa a wani wuri: kwanan wata, lokaci, wurin taro, sunan mutum da muƙaminsa, adadin kuɗi, da duk jimlar da ta yi nuni zuwa wani abu, irin su "duba shafi na 2" ko "kamar yadda aka haɗo". Kowanne ka rubuta shafi da layin da ka same shi. Dalilin rabawar shi ne idon da yake farautar ƙugiyar ƙ da ɗ ba ya riƙe cewa shafin baya ya ce ƙarfe goma, wannan kuma ya ce sha ɗaya.

Daga nan sai kwanan wata, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Wasiƙar ta ce za a yi taron "ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2025", ajandar kuma ta ce "15 ga Nuwamba, 2025". Ka buɗe kalandar shekarar, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Za ka ga 14 ga Nuwamba, 2025 Juma'a ce, 15 ga wata ita ce Asabar. A nan zuciya za ta raya maka cewa magana ta ƙare, tunda sunan ranar da ajandar sun yi daidai, sai kawai a mayar da 14 ta koma 15. Amma ka duba hanyoyin da abin zai iya kasancewa. Mai yiwuwa hannun sakatare ne ya zame, 15 ɗin ce daidai. Mai yiwuwa kwamiti ya dawo da taron Juma'a saboda ba a sami ɗakin taro ranar Asabar ba, sakatare ya canja lambar a wasiƙa ya manta da sunan ranar, ajandar kuma tsohuwa ce. Yana kuma yiwuwa an ɗage taron zuwa wani mako dabam, dukkan biyun sun zama tsoffin labari. Kalanda ta tabbatar maka cewa akwai saɓani, amma shawarar da kwamiti ya yanke ba ta cikin kalanda. Hujja biyu da suka rinjayi ɗaya ba su isa ba, domin sau da yawa wurin da ya fita dabam shi ne wanda aka taɓa a ƙarshe, wato shi ne sabon labari.

Idan takardar ta haɗa kwanan watan Hijira da na Miladiyya, ka ƙara taka-tsantsan. Watan Musulunci da ganin jinjirin wata yake kamawa. A Najeriya Sarkin Musulmi ne yake sanar da shi, kuma yakan faru a sami bambancin kwana ɗaya tsakanin abin da aka sanar da abin da kalandar bango ta buga, ko tsakanin Najeriya da Nijar. Saboda haka tazarar kwana ɗaya tsakanin lissafin biyu abin tambaya ne: wanne daga ciki mai takardar yake so jama'a su bi? Haka nan kwanan watan da aka rubuta da lambobi zalla, kamar 04/11/2025, a wurinmu 4 ga Nuwamba ne, amma a tsarin Amurka, wanda wasu kwamfutoci suke zuwa da shi, 11 ga Afrilu ne. Kada ka mayar da shi kalmomi sai ka tabbatar da wanda ake nufi.

Mataki na uku lissafi ne. Duk jadawalin da yake da jimilla, ka tara shi da kanka. A bayanin kuɗin ƙungiyar an rubuta hayar ofis N120,000, albashin maigadi N85,000, gyaran janareta N45,000, sannan jimilla N259,000. Idan ka tara za ka sami N250,000, wato akwai tazarar N9,000. Masu aikin akanta suna da wata dabara a nan: idan tazarar tana rabuwa da 9 ba saura, akwai alamar an juya lambobi biyu ne wajen bugawa. Idan gyaran janareta N54,000 ne aka buga shi N45,000, jimillar ta fita daidai. Wannan zato ne mai ƙarfi, kuma ya dace ka rubuta shi a cikin tambayarka domin ya rage wa ma'aji wahalar nema. Sai dai yana iya kasancewa akwai layi na huɗu na N9,000 da ya faɗi wajen kwafa, kuma rasit ɗin yana hannun ma'aji. Wanda ya gyara jimillar zuwa N250,000 domin jadawali ya daidaita, ya ɓatar da N9,000 daga bayanin da za a karanta a gaban mambobi, kuma ma'aji ne zai amsa tambayar da ba shi ya jawo ta ba. Haka abin yake idan adadi da lambobi ya saɓa wa adadi da kalmomi. A dokar ceki, abin da aka rubuta da kalmomi shi ne yake rinjaye, amma wannan hukunci ne na warware rigima bayan takarda ta fita, kai kuwa takardar tana hannunka tukuna, mai ita yana kusa.

Sai takardun da aka ce an haɗo. Wasiƙar ta ce "mun haɗo muku da takardu uku", a ƙasa kuma ta jero ajanda, da bayanin kuɗi, da rahoton taron bara. Ka ƙirga abin da yake hannunka, ka ga biyu ne, rahoton taron bara babu shi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a mayar da "uku" ta koma "biyu", a goge layin ƙarshe, alhali wannan jimlar ita kaɗai ce shaidar cewa akwai abin da ya ɓace. Ka bar ta yadda take, ka tambaya. Kada kuma ka tsaya a ƙirge: ka buɗe kowace takarda ka ga ko ita ce aka ambata, domin yakan faru a ce bayanin kuɗin 2025, a haɗo na 2024 saboda sunan fayil ɗin iri ɗaya ne.

Sunaye da muƙamai ba sa buƙatar dogon bayani. Idan wasiƙa ta kira mutum mataimakin shugaba, ajanda ta kira shi shugaba, ko aka rubuta sunansa Muhammad a nan, Muhammadu a can, ka nuna wuraren biyu. Mutum shi ya san yadda yake rubuta sunansa, kuma wataƙila ma mutane biyu ne.

Bayan ka gama tattarawa, sai rubuta tambayar, kuma yadda aka rubuta ta shi ne yake sa a amsa ko a share. Tambaya mai kyau tana faɗin inda abin yake, da abin da kowane wuri ya ce, da abin da ka riga ka bincika, sannan ta ƙare da abin da za a amsa a taƙaice. Alamar tambaya kaɗai a gefen shafi ba ta wadatar ba, domin mai takardar zai duba layin, ya ga ba laifi a cikinsa, ya wuce. Ga yadda za ta kasance: "Malam Sakatare, wasiƙa, sakin layi na 1, ta ce Asabar 14 ga Nuwamba. Ajanda ta ce 15 ga Nuwamba. A kalandar 2025, ranar 14 Juma'a ce, 15 kuma Asabar. Ban taɓa ko ɗaya ba. Wace rana ce kwamiti ya tsayar?" Babu zargi a ciki, kuma ko yana kan hanya zai iya amsawa da kalma biyu.

A kan takarda, ka yi gyaran ƙa'ida da jan biro, tambayoyi kuma da fensir, ka kewaye wuraren biyu da suka saɓa, domin mai bugawa ya gane cewa abin fensir ba umarni ba ne. A cikin manhajar Word, ka kunna Track Changes, wato tsarin da yake nuna duk canjin da aka yi a rubutu, domin gyare-gyarenka, tambayoyi kuma ka sa su a matsayin sharhin gefe da Ctrl+Alt+M. Kada ka taɓa rubuta tambaya a cikin jikin rubutun, domin ana iya bugawa da ita. Sannan ka tattara tambayoyin duka a saƙo guda, ka fara da wadda za ta fi yin ɓarna, wato ranar taro, sai kuɗi, sai takardar da ta ɓace, sai sunaye. Idan tambayar kuɗi ce, ka nemi a kai ta ga ma'aji, tunda sakatare ma zato zai yi.

Idan amsa ta zo, aikin bai ƙare ba. A ce sakatare ya amsa cewa Asabar 15 ga wata ce. Ka gyara wasiƙar, sannan ka bi dukkan takardun da Ctrl+F kana neman "14" da "Nuwamba" da "Juma'a", har da kan shafi da ƙasansa da bayan ambulan idan an buga wani abu a kai. Ka duba kuma ranakun da suka rataya a kan wannan, kamar wa'adin miƙa sunayen 'yan takara da aka ce kwana bakwai kafin taro, wanda yanzu ya zama 8 ga Nuwamba. Ka rubuta wanda ya ba da amsar da ranar da ya bayar a gefen tambayar. Idan kuwa lokacin maɗaba'a ya matso ba a amsa ba, ka kira a waya, in ba a same shi ba ka mayar da takardar da rubutu a samanta cewa akwai tambayoyi kaza da ba a warware ba, kuma ba ta shirya bugawa ba sai an amsa su.