Babi na 6: Kwandala ba ta da tunani

Malamanmu sun faɗi hukuncin caca, kowa ya ji a masallaci, kuma wannan babi ba zai koya wa kowa yadda ake yin ta ba. Abin da ya sa na rubuta shi, na ga takardun cacar ƙwallo a aljihun 'yan ajina da yawa a nan Garuwa, wasu ma da su suke koyon karanta lambobi. To, tun da lissafi muke koyo, bari mu yi lissafin inda kuɗin yake tafiya.

Darasi na 1: "Yanzu kam dole ta juyo"

Ku ɗauko kwandalar sefa 100, wadda muke kira dala ashirin. Ku ɗiga tawada a gefe ɗaya. Ku buɗe littafin rubutu, ku ja layi daga hagu zuwa dama. Ku cilla kwandalar sama, ku bar ta ta faɗi ƙasa. Idan gefen tawada ne a sama, ku rubuta X. Idan ɗaya gefen ne, ku rubuta O. Jifa ɗaya, harafi ɗaya. Ku yi haka sau 30. Wanda hannunsa bai saba da biro ba ya yi a hankali, ba mai korarsa.

Yanzu ku duba layinku. Mafi yawanku za ku ga wani wuri da harafi ɗaya ya zo sau uku ko huɗu a jere, wani ma har biyar. Kwandalar ba ta lalace ba, haka take yi.

Ga tambaya. An sami X X X X X, sau biyar. A jifa na shida, me ya fi kusa fitowa?

Duk ajin da na yi wa wannan tambaya, sai a amsa mini baki ɗaya: "O, Malam!" Amsar ba daidai ba ce, amma kada kowa ya ji kunya, masu digiri ma a nan suke tuntuɓe. Kwandala gefe biyu gare ta. Kafin jifa na farko gefe biyu ne, bayan jifa na biyar ma gefe biyu ne. Saboda haka X na da rabi, O na da rabi. Biyar ɗin da suka wuce suna cikin littafinku, ba sa cikin kwandalar. Ku karanta wannan da ƙarfi: kwandala ba ta tuna abin da ya wuce.

Wani mai haya da babur ya taɓa tsayar da ni a nan. Ya ce, "Malam, ai X shida a jere abu ne mai wuya." Na ce, "Gaskiyarka, ƙanena. Idan ba ka fara jifa ba, X shida a jere sau ɗaya ne cikin 64. Amma yanzu biyar sun riga sun faɗi, an gama da su. Jifa nawa ya rage?" Ya ce ɗaya. "Gefe nawa?" Ya ce biyu. Ya yi shiru yana juya kwandalar a tafin hannunsa, can ya ce, "To amma dai O ta daɗe ba ta zo ba." Kun gani? Ya ba da amsa daidai da bakinsa, zuciyarsa kuma ta koma inda take.

Don haka mu sake. An sami O sau bakwai. Jifa na takwas? Rabi da rabi. An sami X sau goma. Na sha ɗaya? Rabi da rabi. Ku rubuta a ƙasan layinku: rabi da rabi. Ku sake rubutawa.

A shekarar 1913, a gidan caca na Monte Carlo a Turai, akwai faifan da ake juyawa, 'yar ƙwallo ta faɗa gurbi baƙi ko ja. Wata rana ta faɗa baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, suna cewa lokacinsa ya yi, suka yi asara mai yawa. Faifan ma, kamar kwandalarku, bai san baƙi nawa suka wuce ba.

Ga yadda wannan tunani yake cin aljihu. Mutum ya sa 100, aka cinye. Ya ce yanzu dole ta juyo, ya ninka, ya sa 200. Aka cinye. Ya sa 400, sai 800, sai 1,600, sai 3,200. Ku jera lambobin nan shida a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ku tara. Amsar 6,300 ce. Idan zai sake ninkawa, 6,400 zai nemo, kuma ko da za a biya shi ninki biyu cif, ribarsa duka bayan an cire asara sefa 100 ce. Mai gidan cacar ma ba ya biyan ninki biyu cif a abin da yake rabi da rabi, yakan rage nasa. Wanda tarinsa bai kai 6,300 ba ya duba inda ya manta da ajiye biyu.

Na san wani zai ce ƙwallo ba kwandala ba ce. Haka ne, kuma wannan ya ƙara muni. Ƙungiyar da aka ci sau biyar a jere, galibi akwai dalili: ko 'yan wasa sun ji rauni, ko ba a biya su ba, ko dai ba ta da ƙarfi. Ba wanda take bi bashin nasara. Sau uku na koyar da wannan darasi ga aji ɗaya, washegari na ji biyu daga cikinsu a wurin mai shayi suna cewa "yau kam dole su ci". Haba jama'a! Me muka rubuta a ƙasan layi? Idan ba za ku duba littafin a gida ba, allina kawai kuke ƙarar mini.

Darasi na 2: Wasan jiya

Abin da ido ya gani jiya yakan danne na watanni. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, Kamaru ta ci Brazil 1 da 0, kuma ɗan garin nan Vincent Aboubakar ne ya zura ƙwallon. Duk mun yi murna. Amma Brazil ta riga ta haye zagaye na gaba, ta ajiye yawancin manyan 'yan wasanta a benci. Kafin nan Suwizalan ta ci mu 1 da 0, muka yi 3 da 3 da Sabiya, kuma daga wasan Brazil ɗin gida muka dawo. Wanda ya auna ƙarfin Kamaru da daren nan kaɗai, wasa ɗaya ya ƙirga ya bar biyu.

Aiki: ku rubuta sakamakon wasanni ukun nan a layi uku.

Darasi na 3: Ƙungiyarmu

Ɗan Garuwa yana son Coton Sport, ba laifi. Amma so hana ganin laifi ne. Ku tambayi mai yin caca sau nawa ya taɓa zaɓar cewa za a ci ƙungiyarsa. Ko ana cin ta wani lokaci? Ana ci.

Aiki: ku rubuta sunan ƙungiyarku da manyan baƙaƙe. Ku zo da kwandalarku ranar Litinin.