Shafinku yana hannun wanda ya ɓace? Ku biya kuɗin sabuntawa tukuna

'Yan kasuwar Kwari da Farm Centre, in wanda ya buɗa muku shafin intanet ya ɓace da lambar sirri, kada ku tsaya cigiyarsa.

Ku sa sunan shafin a lookup.icann.org, in na .com ne. Zai nuna kamfanin da aka yi rajistar sunan a wurinsa da ranar ƙarewar rajistar.

Ku rubuta wa kamfanin, ku nemi biyan shekara 1 tun ba ku shiga asusun ba. Wasu suna karɓa, domin sabuntawa ba ta canja mai shi. Hankali kwance sai ku aika katin shaida, takardar CAC da rasidin biyan farko, a mayar da asusun kan imel ɗinku.

In wa'adi ya wuce, shafi da imel ɗinsa sukan tsaya. Idan kamfanin ya goge sunan, saura kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sannan kwana 5, sai kowa ya iya saya.

Inda dabarar ba ta ci: in wanda ya buɗa muku shafin da sunan kansa ya yi rajistar, a wurin kamfani shi ne mai shi, takardunku ba za su wadatar ba. Sai an lallaɓa shi ya ba ku EPP code, wato lambar izinin sauya wa sunan shafi kamfanin rajista, ku ɗauke sunan zuwa naku asusun.